Yadda ake karɓar oda da ajiyayyun amsoshi da lebul a WhatsApp Business

Atamfa da leshi nake sayarwa. Ina sarowa a Kantin Kwari, in ɗora hotuna a sitatus, mutane su yi magana, in aika musu kayansu ta tasha. Duk mai wannan sana'a ta san yadda waya take cika idan aka ɗora sabon kaya da yamma, balle a ce Sallah ta matso: mutum ashirin za su turo "nawa?", goma su ce a turo akawun, uku su turo hoton rasit, a tsakiyar wannan hayaniya kuma akwai wadda ta biya tun jiya tana jiran a ɗora mata kayanta a mota. Ita ce ake mantawa da ita, domin duk sabon saƙon da ya shigo ƙara tura hirarta ƙasa yake yi.

Abubuwa biyu ne a cikin WhatsApp Business suke magance wannan. Na farko `Quick replies`, wato amsoshin da kika rubuta sau ɗaya kika ajiye, sai dai ki kira su idan buƙata ta taso. Na biyu `Labels`, alamomi masu launi da ake manna wa hira, mu dai lebul muke ce musu. Da mata nake magana saboda su na saba koya wa, amma namiji mai shago ma hanyar ɗaya ce.

Abin da za ki tanada

Waya mai manhajar WhatsApp Business, ba WhatsApp na yau da kullum ba. Kyauta ce, kuma hotonta ya bambanta da na wancan, sai ki duba sunan da kyau kafin ki sauke. Lamba ɗaya ba ta zama a kan manhajojin biyu lokaci guda. Idan layi biyu gare ki, ki bar na zumunci a tsohuwar manhaja, ki buɗe ta kasuwanci da ɗayan, duka biyun za su zauna a waya ɗaya ba matsala. Idan layinki ɗaya ne kuma da shi kwastomomi suka san ki, za ki iya mayar da shi Business gaba ɗaya, hirarrakinki za su biyo ki, amma ki fara yin `Chat backup` kafin ki taɓa komai.

Sai littafi da biro. Kada ki raina su, a takarda za a fara aikin. Sai bayanan da ba sa canzawa kullum: lambar akawun da sunan da ke kai, kwanakin da kike kai kaya tasha, garuruwan da kike aikawa, da ƙa'idarki kan canji da mayar da kaya. In ba ki taɓa yanke wa kanki irin wannan ƙa'ida ba, ki yanke yanzu, domin ba a ajiye amsar da mai ita ba ta tsayar ba. A ƙarshe ki samu kamar awa ɗaya da ba mai kiranki, bayan isha'i ya fi.

1. Ki fara karanta tsofaffin hirarrakinki

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne buɗe `Quick replies` a fara rubuta abin da ake zaton kwastoma zai tambaya. Ki koma hirarraki talatin na baya-bayan nan, ki rubuta kowace tambaya a littafi, duk wadda ta maimaitu ki ja mata layi a gefe. Da na yi nawa, tambayoyi shida ne suka cinye shafin: nawa, akwai ragi, yana nan ko ya ƙare, turo akawun, kina aikawa gari kaza, yaushe zai iso. Manhajar tana ba da damar ajiye amsa har 50, amma ban taɓa wuce goma sha biyu ba. Amsar da ba za ki tuna sunanta ba a lokacin da mutum biyar ke jiranki, zaman banza take yi.

2. Rubuta amsoshin

A nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai. Dokoki biyu nake bi. Ta farko, abin da ba ya canzawa shi ake rubutawa, abin da ke canzawa a bar masa gurbi. Farashi a Kwari ba ya zama wuri ɗaya, idan kika ajiye shi cikin amsa, wata rana za ki tura tsohon kuɗi, kuma kwastoma ba ta mantawa da abin da kika rubuta da hannunki. Ta biyu, kowace amsa ta ƙare da tambaya ɗaya tak, wadda za ta matsar da cinikin gaba. Idan kika ce "dubu goma sha takwas ne" kika yi shiru, ita ma shiru za ta yi. Idan kika jero mata tambaya huɗu, ɗaya za ta amsa, yawanci ta ƙarshe.

Ga tawa ta farashi:

```
/kudi
Wa alaikumus salam, sannu da zuwa. Wannan turmi ɗaya (yadi 6) naira ____ ne. Turmi nawa za a ware miki?
```

Ga ta akawun, wadda ita ce ta fi ceto ni, domin lamba goma da ake bugawa da hannu cikin gaggawa wata rana sai an yi kuskuren ɗaya:

```
/akawun
Jimilla: naira ____
Banki: ____  Lamba: ____  Suna: ____
In an tura, a aiko da hoton rasit da sunan wanda ya tura.
```

A cikin taki, banki da lamba da suna ki cike su tun wajen ajiyewa, jimilla kaɗai za ki bari a buɗe. Neman sunan wanda ya tura ba ƙawa ba ce. Da yawa daga akawun ɗin miji ko ƙani ake turowa, ko daga wajen mai POS, sai ki ga kuɗi sun shigo da sunan da ba ki sani ba, ki rasa na wace ce.

Sai ta adireshi:

```
/adireshi
Kuɗi sun shigo, na gode. Don aikawa a turo: sunan mai karɓa, lambar wayarsa, gari da tashar da za a karɓa.
```

Sauran kuma gajeru ne: `/ragi` mai faɗin ƙa'idata cewa ragi sai daga turmi uku, `/yakare` mai ba da haƙuri tare da tambayar ko a turo makamancinsa, `/webil` mai bayanin ranakun tasha da cewa kuɗin mota daban yake, `/antura` mai gurbin lambar direba, da `/tuni` na wadda ta karɓi akawun ta yi shiru.

Ki rubuta su da bakin da kike magana da shi. Idan amsa ta fito kamar takardar ofis, kwastoma tana ganewa, sai ta ji kamar ba da mutum take magana ba. Ki kuma lura da jinsi. "Miki" ba za ta tafi wajen Alhajin da ke saya wa iyalinsa kayan Sallah ba. Ko dai ki riƙa gyarawa kafin ki tura, ko ki bi hanyar da na bi a yawancin nawa, wato "a turo", "za a ware", "an gode", waɗanda ba su ware namiji ko mace ba kuma sun fi ladabi ga babba.

3. Shigar da su cikin manhaja

Ki taɓa ɗigo ukun da ke sama, ki shiga `Business tools`. A wasu wayoyin wurin yana ƙasa da sunan `Tools`, a iPhone kuma ta `Settings` ake bi. Ki zaɓi `Quick replies`, ki taɓa alamar `+`. Gurbi biyu za ki gani: `Shortcut`, inda za ki sa gajeren suna, da gurbin saƙon kansa. Ki rubuta, ki taɓa `Save`.

Gajeren sunan ba ya wuce harafi 25 kuma ba ya karɓar tazara, wato `kudin mota` ba zai shiga ba sai dai `kudinmota`. Shawarata kada ki sa harafi mai lanƙwasa a cikinsa ko da madanninki na da su. A cikin saƙo ki rubuta kuɗi da ɗ ɗinsa, amma suna ki bar shi `kudi`, don ba ki da lokacin danne harafi kina neman lanƙwasa. Ki kuma yi ƙoƙari sunayen su bambanta tun daga haruffan farko. Ni da `/akawun`, `/adireshi` da `/antura` duk da a suka fara, sai na buga harafi biyu kafin su rabu, kuma sau ɗaya na taɓa tura wa wata "an tura kayanki" alhali akawun ta nema. Da yau zan fara, da na canza musu suna, amma hannu ya riga ya saba.

Ana iya haɗa hoto ko bidiyo a cikin amsa. Ya dace da abin da ba ya ƙarewa, kamar jadawalin awo na mai ɗinki. Hoton atamfar da za ta ƙare jibi ba wurinsa ba ne.

Wajen amfani, ki buɗe hira, ki buga `/` a gurbin rubutu, jerin amsoshin zai bayyana. Ki taɓa wadda kike so. Ba ta tafiya da kanta, gurbin rubutu take sauka, ki cike abin da kika bari, ki ƙara "Hajiya" ko "Anti" a farko, sannan ki tura. Ki karanta kafin ki danna. Saƙon da ya tafi da "naira ____" a cikinsa ya fi rashin amsa muni.

4. Tsara lebul

Manhajar tana zuwa da guda biyar nata: `New customer`, `New order`, `Pending payment`, `Paid` da `Order complete`. Ana iya canza musu suna da launi, ana iya gogewa, ana iya ƙarawa har su kai 20. A sababbin fitowar manhajar za ki iya tarar da wurin an rubuta `Lists` a maimakon `Labels`, amfanin da za ki yi da shi dai ɗaya ne. Kwastoma ba ta ganin lebul ɗin da kika sa mata.

Da na fara, sai na cika su da irin su "mai kirki", "'yar Kaduna", "mai son leshi", "mai yawan ciniki". Suka yi kyau a ido, amma da safe in na buɗe waya ba ɗaya da ke gaya min abin da zan yi. Lebul mai amfani shi ne wanda ke amsa tambaya ɗaya: yanzu aikin a hannun wa yake, nawa ko nata? Sai na goge duka na bar biyar, na sa musu lamba a farko don in riƙa ganin matakin kai tsaye:

```
1 Tambaya
2 Jiran kudi
3 An biya, a aika
4 Yana hanya
5 An gama
```

Na ɗaya da na biyu ita ake jira. Na uku ni ake jira, kuɗin mutane ne a hannuna, shi ya sa na ba shi launin da ya fi ɗaukar ido. Na huɗu direba ake jira. Akwai na shida a gefe, `Matsala`, na kayan da aka ce ba shi aka zaɓa ba ko wanda ya makale a tasha.

Manna shi ba wuya: ki danne hirar a jerin hirarraki, ki taɓa alamar lebul da ke sama, ki zaɓa, ki ajiye. Abin da za ki kiyaye shi ne manhajar tana barin hira ɗaya ta ɗauki lebul da yawa, kuma ba ta cire tsohon don kin sa sabo. Idan kika sa na uku ba ki cire na biyu ba, mace ɗaya za ta fito a cikin masu bashi da kuma cikin waɗanda suka biya. Hira ɗaya, mataki ɗaya. A taɓawa guda ki cire tsohon ki sa sabon.

5. Oda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ranar Litinin da daddare wata ta turo min hoton wata atamfata da "Slm nawa wannan". Lambar ba ta cikin wayata. Na buga `/kudi`, na cike 18,000, na tura, na manna mata `1 Tambaya`. Ta ce turmi biyu, kuma a Gusau take, ko za a rage mata. Na tura `/ragi`, na bi da `/webil`. Ta ce to a turo akawun.

Kafin in tura, na sake aika mata hotunan biyun da ta zaɓa na ce, "Hajiya waɗannan biyun ne ko?" Wannan ba ya cikin ajiyayyun amsoshi kuma ba zai taɓa shiga ba, da hannu ake yinsa, domin zane ɗaya yakan zo da launi huɗu kuma "wancan mai shuɗin" ba oda ba ce. Da ta tabbatar, na buga `/akawun`, na sa jimilla 36,000, na ƙara cewa kuɗin mota za ta biya direba idan kaya sun isa. Na cire `1 Tambaya` na sa `2 Jiran kudi`. A lokacin ne kuma na ajiye lambarta da suna da gari.

Talata da safe hoton rasit ya shigo. Ban taɓa lebul ɗinta ba. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes mai kama da na banki ma ba kuɗi ba ne. Akwai rasit na bogi, akwai kuma na gaskiya wanda kuɗin ya makale a hanya ya koma wa mai shi. Na buɗe manhajar banki na ga 36,000 sun zauna, da sunan namiji. Na tambaye ta, ta ce maigidanta ne, sunan ya yi daidai da na rasit. Sannan na tura `/adireshi`, na mayar da ita `3 An biya, a aika`. Da a ce kuɗin ba su shigo ba, da na ce mata cikin ladabi har yanzu ban gani ba, mu ɗan jira, ta ci gaba da zama a na biyu. Na taɓa sakin turmi uku a kan hoton rasit kawai saboda mai shi ta ce motar garinsu za ta tashi, har yau kuɗin ba su iso ba.

Laraba ranar tasha ce. Na shiga `Labels`, na taɓa na uku, mutum bakwai suka fito, su kaɗai, ba hirar dangi ba ta masu tambaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta suna da lamba da gari a jikin leda. A tasha na ɗauki hoton ledarta, na buga `/antura`, na sa lambar direba, na mayar da ita `4 Yana hanya`. Da magariba ta rubuto, "Sun iso, Allah ya saka." Sai `5 An gama`.

6. Zagayen safe da na dare

Lebul ɗin da ba a dubawa ƙarya yake fara yi cikin kwana biyu. Da safe na uku nake fara buɗewa, sai `Matsala`, sai na huɗu, inda duk wadda ta kwana ba ta ce kaya sun isa ba zan tambaye ta ko in kira direba. Sababbin saƙonni su ne na ƙarshe, ko da yake su ne ke saman allo suna jan ido.

Da dare na biyu nake dubawa. Wadda ta kwana ɗaya da akawun ba ta tura ba, tana samun `/tuni`: "Salam, har yanzu an ware kayan. Za a ci gaba da riƙewa ko a saki?" Sau ɗaya nake turawa. Idan ta ƙara kwana ba amsa, na cire lebul ɗin, kaya su koma kasuwa. Na ɗaya kuwa duk ƙarshen mako nake share shi, wadda ta tambaya ta yi shiru kwana bakwai ba ciniki ba ce.

Akwai alamomin da za su nuna miki tsarin ya fara lalacewa. Idan `2 Jiran kudi` ya tara mutum talatin, ba masu bashi talatin gare ki ba, kin daina sharewa ne. Idan wata ta rubuto "ina kayana?" kika duba kika tarar tana `2 Jiran kudi` alhali ta biya, to kina ganin alat kina cewa anjima za ki gyara. Maganinsa shi ne ki riƙa canza lebul kafin ki fita daga hirar, a zaman da kika amsa.

Inda tsarin yake gazawa

Lebul na hira ne, ba na oda ba. Idan tsohuwar kwastoma ta yi sabuwar oda alhali ta farko tana hanya, hirarta ɗaya ce kuma matakai biyu ne. Ni lebul ɗin da ya fi gaggawa nake bar mata, ɗayar odar in rubuta a littafi. Mai sari da ke yin oda uku a mako kuwa littafi ne kaɗai zai riƙe ta. Lebul ba ya lissafin kuɗi kuma ba ya tuna miki komai da kansa, sai kin buɗe.

Idan kina da yarinya mai taya ki, ana iya haɗa lambar da wasu na'urori har huɗu ta `Linked devices`. Sai dai ku yi yarjejeniya tun farko cewa mai ganin akawun ita kaɗai ke mayar da hira na uku. Kada mai taimako ta ga rasit ta canza.

Za ki ga akwai damar tura saƙo ɗaya ga duk waɗanda ke ƙarƙashin lebul guda, kuma zuciya za ta raya miki ki tura wa duk `5 An gama` sabon kaya. Irin wannan saƙo yana isa ne kawai ga wadda ta ajiye lambarki a wayarta, sauran ba za su gani ba. Kuma idan kika matsa wa mutane da talla suka riƙa toshe ki ko kai ƙararki, ana iya rufe lambar, da ita da duk hirarrakin cinikinki. Shi ya sa a ƙarshen `/antura` na ƙara layi ɗaya mai cewa a ajiye lambata don ganin sabon kaya a sitatus, na bar tallan a can.

Wadda wayarta ba ta da wurin ɗaukar manhaja ta biyu, ko take kan WhatsApp na yau da kullum tukuna, za ta iya kwaikwayon rabin wannan. Ta rubuta amsoshin ta tura wa lambarta ita kanta, ta maƙale hirar a sama, ta riƙa kwafowa daga can. A madadin lebul kuma ta sa lambar mataki a gaban sunan da ta ajiye, kamar "3 Hajiya Gusau", idan mataki ya canza ta gyara sunan. Ya fi wahala, amma idan ta buga 3 a wurin bincike, waɗanda suka biya za su fito mata.

Ko kina kan Business ɗin ma, ki kwafe rubutun amsoshinki duka ki ajiye a wani wuri da ba cikin manhajar ba, littafin nan na farko ya isa. Duk ranar da kika canza akawun ko ranakun tasha, ki shiga `Quick replies` ki gyara a ranar, kafin ki amsa wa kowa.